Silaid 38, alƙaluma 74: yadda muka haɗa manazarta guda daga gabatarwar da mutum huɗu suka rubuta

A ƙarshen shekarar 2023, wata ranar Litinin da hantsi, shugabar shirinmu ta kira ni ofishinta a Kano ta juyo mini da kwamfutarta. Gabatarwa ce ta PowerPoint mai silaid 38 a kan lafiyar mata masu juna biyu, wadda za a haska da majigi ranar Alhamis a gaban jami'an lafiya da masu ba da tallafi. Mutum huɗu ne suka rubuta ta: likitan shirin, jami'ar da ke zagaya asibitoci, wani matashi mai kula da alƙaluma, da ita Hajiyar da kanta. Ta ce, "Malam, komai ya kammala, manazarta kawai ta rage. Ka tattara mana duk inda muka ɗauko bayani ka jera a ƙarshe." Na ce, "To, ranki ya daɗe." A zuciyata ina ganin kafin azahar na gama. Aikin ya ci kwana biyu da rabi, kuma jerin da na liƙa a ƙarshe shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi a cikinsa.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi. Na bi silaid ɗaya bayan ɗaya ina kwafe ɗan rubutun da ke ƙasa, inda aka ambaci tushe. Da na kai silaid na goma sha biyu sai na tsaya, saboda na lura da cewa hanyar za ta ba ni jerin abin da aka ambata ne kaɗai. Duk adadin da aka ajiye ba madogara zai wuce ni salin alin, alhali shi ne ya fi buƙatar a kama shi. Sai na goge abin da na yi, na canza abin da nake ƙirgawa. Maimakon in farauci madogara, na koma farautar da'awa: duk wani adadi, duk wani kaso cikin ɗari, duk zanen alƙaluma, duk taswira, duk hoto, duk maganar wani da aka sa a bakin zance. Kowanne ya samu layinsa, ko yana da tushe a rubuce ko ba shi da shi.

Inda madogara ke ɓuya a cikin fayil

Wanda ya saba da Word zai ɗauka PowerPoint ma tana da wurin sarrafa madogara. Ba ta da shi. Word tana da sashen `References`, kuma manhajar Zotero tana shiga cikin Word da LibreOffice da Google Docs ta riƙa bin abin da ka ambata tana gina jerin da kanta. A PowerPoint kowace madogara rubutu ne kawai da wani ya buga a cikin akwati, babu abin da ya ɗaure ta da wani jeri. Don haka dole mutum ya nemo su da hannunsa, kuma ba wuri ɗaya suke zama ba.

Na fara da `Outline View` ina fatan ya zubo mini duk rubutun. Wannan yana nuna kanun silaid da babban rubutun da ke cikin gurbin da aka tanada ne kawai. Ƙananan akwatunan da mutane ke zanawa da kansu a ƙasa, waɗanda a cikinsu ake rubuta tushe, ba sa fitowa a can. Sai na koma ga 'yan layukan nan na harshen kwamfuta na Python, da taimakon `python-pptx`, domin su fito mini da rubutun kowane akwati da bayanan mai jawabi tare da lambar silaid:

```python
from pptx import Presentation
p = Presentation("gabatarwa.pptx")
for n, s in enumerate(p.slides, 1):
    for sh in s.shapes:
        if sh.has_text_frame:
            print(n, sh.text_frame.text)
    if s.has_notes_slide:
        print(n, s.notes_slide.notes_text_frame.text)
```

Wannan ya rage mini aiki sosai, amma yana da iyaka da ya kamata a sani. Ba ya shiga cikin abubuwan da aka dunƙule wuri guda, ba ya karanta jadawali ko zanen alƙaluma, kuma ba ya ganin rubutun da ke cikin hoto. A gabatarwarmu zane shida hotunan allo ne da aka yanko daga rahotanni, kuma a biyu daga cikinsu an yanke layin ƙasa da ke ɗauke da sunan tushen, don hoton ya shiga silaid da kyau. Irin waɗannan sai ido. Na buga gabatarwar a takarda, silaid biyu a kowane shafi, na ɗauki jan biro ina zagaye duk abin da ya yi kama da adadi. Abin da kwamfuta ta fitar da abin da biro ya zagaye na haɗa su.

Akwai wurare uku da na kusa mantawa. Na farko bayanan mai jawabi da ke ƙarƙashin kowane silaid. Likitanmu a can yake zuba adireshin intanet na abin da ya karanta, kuma a can na samo tushen alƙaluma tara da ba a rubuta komai a fuskar silaid ɗinsu ba. Na biyu silaid ɗin da aka ɓoye. Uku daga cikin 38 ɗin ɓoyayyu ne, majigi ba zai haska su ba, amma duk wanda aka tura wa fayil ɗin zai buɗe ya gan su, kuma masu tallafi kullum sai sun nemi a tura musu. Na uku alƙaluman da ke bayan zane. In ka danna zane da dama ka zaɓi `Edit Data`, takardar Excel da aka gina shi da ita tana buɗewa. A ɗaya daga cikinsu na tarar da sunan jadawalin da aka kwafo a rubuce a gefe, abin da ya cece ni daga dogon nema. A wani kuma zanen ya ƙi buɗewa, saboda an ɗaure shi ne da wani fayil da ke cikin kwamfutar matashin nan, sai da na je wurinsa.

Da yammacin Litinin ina da jadawali a Excel mai layi 74. Kowane layi yana da lambar silaid, da da'awar kamar yadda aka rubuta ta harafi da harafi, da tushen kamar yadda aka rubuta shi, da wanda ya rubuta silaid ɗin. Na bar gurabe uku babu komai: ainihin takardar, shafi ko lambar jadawalin da adadin yake a cikinta, da hukunci. Gurbin "kamar yadda aka rubuta" ban taɓa gyara shi ba har aka gama, domin da shi zan koma in nemo kowane wuri a cikin fayil ɗin in gyara.

Suna 31, takarda 16

Da na jera gurbin tushe bisa haruffa sai na ga an rubuta sunaye 31 mabambanta. Ba takardu 31 ba ne. Binciken nan na ƙasa a kan yanayin jama'a da lafiya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 tare da kamfanin ICF, shi kaɗai ya fito da fuska biyar: `NDHS 2018`, `NDHS 2019`, `DHS`, `NPC 2018` da `NPopC/ICF`. Kowane cikin marubutan yana da dalilinsa. An yi binciken a 2018, an wallafa rahoton a 2019, don haka mai rubuta 2018 yana nufin shekarar tattara bayanai, mai rubuta 2019 yana nufin shekarar bugawa. Harufan `NPC` kuma a tsofaffin takardun gwamnati suna iya nufin Hukumar Ƙidaya ko tsohuwar Hukumar Tsare-tsare ta Ƙasa, shi ya sa wasu ke rubuta `NPopC` don a bambance.

A nan akwai tarko. Da na ga fuskoki biyar sai na so in haɗe su duka a layi guda in wuce. Da na buɗe takardun sai na tarar guda biyu ne. Kafin cikakken rahoton, an fitar da wani gajeren rahoto na muhimman alƙaluma, shi ma a 2019, daga marubuta ɗaya. Jami'armu daga gajeren ta kwafo, likita kuma daga cikakken. Alƙalumansu sun yi daidai, amma lambobin jadawalin ba ɗaya ba ne, don haka wanda ya bi madogarar jami'ar zuwa cikakken rahoton ba zai samu abin a inda aka ce yake ba. Ƙa'idar rubuta madogara ta APA ta ce idan marubuci ɗaya yana da aiki biyu a shekara guda, a sa musu haruffa, 2019a da 2019b. Ni na ga wannan zai ƙara wa mai kallo ruɗani a banza. Na nemo kowane adadi na gajeren a cikin cikakken rahoton, na mayar da su duka can, takarda guda ta isa. Bayan wannan tacewa, sunaye 31 suka koma takardu 16.

Daga nan na sa wa kaina doka guda: ba zan rubuta takarda a jerin ba sai na buɗe ta na ga adadin da idona. Gani ya kori ji. Wannan dokar ce ta cinye ranar Talata gaba ɗaya, kuma ita ce ta tono abin da ya fi komai nauyi a aikin.

Silaid na 9

Silaid na 9 shi ne zuciyar gabatarwar. Zane ne mai layi guda da ke nuna yawan matan da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a Nijeriya, cikin kowace haihuwa 100,000 da aka haifi jariri da rai. Yana da ɗigo huɗu: 576 a 2013, 917 a 2017, 512 a 2018, da 1,047 a 2020. Layin ya hau, ya rikito, ya sake hawa sama. A ƙasa an rubuta `WHO/NDHS` kawai. A bayanan mai jawabi kuma an shirya cewa za a ce an samu gagarumin sauƙi a 2018 sannan abin ya ninka cikin shekara biyu.

Kowane ɗaya daga cikin alƙaluman nan huɗu gaskiya ne, yana nan a takardarsa. Layin da ya haɗa su ne ba shi da tushe. Su 576 da 512 daga binciken gida-gida na ƙasa suka fito, na 2013 da na 2018. A wannan binciken ana tambayar mata ne labarin 'yan'uwansu mata da suke ciki ɗaya: wace ce ke raye, wace ce ta rasu, tana da shekara nawa, kuma ko tana da ciki ko ta haihu ba da jimawa ba lokacin da ta rasu. Adadin da ake fitarwa ya shafi shekaru bakwai da suka gabaci binciken, ba shekarar da aka yi shi kaɗai ba. Su kuwa 917 da 1,047 ƙiyasi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya, waɗanda ke haɗa bayanai daga wurare da dama su yi musu gyara da lissafi. Ma'auni biyu ne daban. Kamar a auna gero da tiya yau, gobe a ɗora shi a kan sikeli, sannan a ce ya ƙaru.

Ko su biyun da suka fito daga gida ɗaya ba a haɗa su kai tsaye. Adadin 917 na rahoton da aka wallafa a 2019 ne, wanda ya tsaya a 2017. Adadin 1,047 na rahoton 2023 ne, wanda ya kai 2020. Duk lokacin da aka fitar da sabon zagaye ana sake lissafa shekarun baya gaba ɗaya, don haka mai son nuna yadda abin ke tafiya sai ya ɗauki duk ɗigonsa daga rahoto guda, mafi sabo. Haka ma 576 da 512. A binciken 2018 an tsuke ma'anar: 512 ya ƙirga matan da suka rasu da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin kwana 42 bayanta, ban da waɗanda haɗari ko tashin hankali ya kashe. Na 2013 kuwa ya ƙirga duk wadda ta rasu da ciki ko cikin wata biyu bayan haihuwa, ko mene ne sanadin. Rahoton 2018 ya ba da adadin da ya yi daidai da tsohuwar ma'anar, wato 556. Ashe abin da ake kwatantawa da 576 shi ne 556, tazarar da ba ta kai a yi shelar an samu sauƙi ba.

Na ɗauki takardun na je wurin likita. Ban so in yi masa gyara a gaban jama'a ba, domin ya girme ni kuma ya fi ni sanin fannin nesa ba kusa ba. Na ce, "Likita, ina neman shafin da zan rubuta wa zanen nan ne, sai na ga kamar ɗigon ba daga wuri ɗaya suke ba." Ya karɓa ya duba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Daga tsofaffin gabatarwa na tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa ka gani kafin Alhamis." Muka raba zanen gida biyu. Gefe guda binciken ƙasa, 576 da 556, da ɗan bayani cewa kowanne na shekaru bakwai ne. Ɗaya gefen ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, shi kaɗai, da tushensa. Maganar ninkawa cikin shekara biyu aka cire ta daga jawabin.

Abin da ke tsaya mini a rai game da wannan silaid shi ne, da na bi umarnin farko kamar yadda aka ba ni, da na rubuta rahotannin nan huɗu cikin tsari mai kyau, waƙafi da aya duk a muhallinsu, kuma da jerin ya ƙara wa kuskuren kwarjini. Mai kallo zai ga manyan sunaye a ƙarshe ya ƙara sakin jiki. Maganar rayukan mata ake yi, kuma a ɗakin akwai waɗanda za su yanke shawarar inda kuɗi za su tafi.

Sauran saɓanin sun fi wannan sauƙi. A silaid na 4 an ce yawan mutanen Jihar Kano a ƙidayar 2006 shi ne 9,383,682, a silaid na 22 kuma 9,401,288, dukansu da madogara iri ɗaya. Na farko sakamakon wucin gadi ne da aka sanar a farkon 2007, na biyu kuma tabbataccen sakamakon da aka buga a jaridar gwamnati a 2009. Bambancin mutum 17,606 ne, ba zai canza wata shawara ba, amma mai ido a cikin taro zai gani ya fara shakkar sauran. Muka tsaya a kan na 2009 a wurare biyun. Haka kuma talauci: wani silaid ya ce kashi 40 cikin ɗari, wani ya ce kashi 63, duka a ƙarƙashin sunan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Na farko talaucin kuɗin kashewa ne daga binciken 2018 zuwa 2019, na biyu kuma ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa na 2022, wanda ke duba lafiya da ilimi da yanayin zama. Duka muka bar su, kowanne da sunan abin da yake aunawa a kusa da shi.

Waɗanda ba su da uba

Da na gama cike gurbin hukunci, layuka 52 sun tabbata yadda aka rubuta su. Goma sha ɗaya tushensu na nan amma akwai abin gyara a adadin, ko shekarar, ko ma'anar. Bakwai namu ne na cikin gida. Huɗu kuma na neme su har na gaji ban samu inda suka fito ba.

Na cikin gida suna buƙatar nasu tsarin. Alƙaluman da jami'armu ta tattara daga rajistar asibitocin da muke aiki da su ba a wallafa su ko'ina ba, amma suna da fayil da kwanan wata, don haka suka shiga jerin a matsayin bayanan shiri da ba a wallafa ba, tare da watannin da suka ƙunsa. Maganar wata ungozoma da aka sa a silaid na 17 kuwa ba ta shiga jerin ba, domin babu takardar da mai karatu zai je ya buɗe. A ƙasan silaid ɗin aka rubuta cewa hira ce, da watan da aka yi ta, ba tare da sunanta ba. Hotuna ma na bi su. Biyu namu ne. Ɗaya an ɗauko shi daga intanet a ƙarƙashin lasisin `CC BY`, wanda sharaɗinsa shi ne a ambaci mai shi, sai na rubuta sunansa a gefen hoton.

Takardu biyu daga cikin 16 ɗin labaran jarida ne da suka ruwaito alƙaluman wasu rahotanni. Na bi su zuwa asalin, na tarar rahotannin suna cikin jerina tuni, sai jaridun suka fita. A ɗayansu ma ɗan jaridar ya cike adadin zuwa sama, kuma cikakken ne ya shigo silaid ɗinmu. Inda asalin ya gagara samuwa, hanyar gaskiya ita ce a rubuta cewa an samo ne ta bakin wane, a kuma sa takardar da aka karanta a jerin. Ba a rubuta takardar da ba a buɗe ba. Rahoton 2013, wanda babu wanda ya ambace shi da suna a ko'ina duk da an ɗauko 576 daga cikinsa, ya shigo. Jerin ya tsaya a kan 15.

Huɗun nan marasa tushe su ne muka yi jayayya a kansu. Ɗaya daga ciki kaso ne mai girgiza zuciya game da matan da ke haihuwa a gida a wata ƙaramar hukuma, kuma Hajiya tana son sa ƙwarai. Ta ce, "Malam, wannan kowa ya san shi, a taro nawa na ji an faɗa." Na ce, "Ranki ya daɗe, na yarda an faɗa. Amma in wani ya ɗaga hannu ya ce a ina, wace takarda zan miƙa miki?" Wanda ya rubuta shi ma bai tuna inda ya samo ba. Ta yi ɗan tunani ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Muka maye gurbinsa da abin da binciken 2018 ya nuna na ƙasa baki ɗaya, cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne ake yi a asibiti, aka rubuta a fili cewa adadin na ƙasa ne. Sauran ukun aka cire su.

Salon da ya dace da gabatarwa

Sai a ranar Laraba na zo kan abin da aka ce in yi tun farko. Likita ya fi son salon Vancouver, wanda mujallun likitanci ke bi, inda ake sa lamba a jikin rubutu a jera takardu bisa wanda ya fara fitowa. A muƙala yana da kyau. A gabatarwa ina ganin bai dace ba, saboda dalili biyu. Silaid ba ya zama wuri ɗaya: a daren taro wani zai ja na 20 ya dawo da shi na 5, kuma tunda babu abin da ke sabunta lambobin, duk sai su rikice. Sannan mai zaune a ɗakin taro ba zai iya juya shafi ya duba mene ne lamba 7 ba, kuma silaid ɗin da aka ɗauka a waya aka tura wa wani yana tafiya ne shi kaɗai ba jerin. Muka zaɓi suna da shekara. A ƙasan kowane silaid, wuri guda, girman rubutu guda, akwai gajeren suna da shekarar bugawa da lambar jadawali ko shafi. A ƙarshe kuma cikakken bayani bisa jerin haruffa, irin wannan:

```
National Population Commission & ICF. (2019).
Nigeria demographic and health survey 2018.
```

Sunan takarda yana zama da harshen da aka buga ta, ko da jawabin da Hausa za a yi, domin da wannan sunan ne mutum zai neme ta. Shekarar da ke cikin baka ta bugawa ce kullum, shekarar bayanan kuma tana jikin da'awar a fuskar silaid.

Na shigar da takardun 15 cikin Zotero, na zaɓe su na yi `Create Bibliography from Items`, na liƙa. Fitowar farko ta zo da ɓarna. Sunan hukumar ya koma `Commission, N. P.`, saboda manhajar ta ɗauke shi sunan mutum ta raba shi biyu. Maganinsa a mayar da gurbin marubuci zuwa guri ɗaya ga duk wata hukuma. Sunayen mutanenmu ma sai an kula, domin wani da sunan mahaifi yake wallafawa, wani da sunan gari, kuma abin bi shi ne yadda ya rubuta kansa a kan takardar. Muƙalun mujalla uku na sa musu lambar `DOI`, wadda ta fi adireshin shafin intanet daɗewa. Sauran adireshin na danna kowanne na tabbatar yana buɗe takardar kanta. Jerin ya ci silaid uku, biyar-biyar, da rubutun da za a iya karantawa. Cusa goma sha biyar a silaid guda yana yiwuwa, sai dai babu mai iya karanta su.

Dubawar ƙarshe ta fuska biyu na yi ta. Na bi daga silaid zuwa jeri, in ga duk gajeren suna yana da cikakkensa. Sannan na bi daga jeri zuwa silaid, in ga duk takarda akwai inda aka yi amfani da ita. A wannan juyi na biyu na kama wata muƙala da ta zama marainiya, domin jami'armu ta goge silaid ɗin da ke dogara da ita da rana ba tare da na sani ba. Na tambaye ta, ta ce kuskure ne, aka dawo da silaid ɗin. Daga nan na roƙi Hajiya ta sanar cewa an rufe fayil ɗin, duk mai gyara ya biyo ta wurina. Bayan an rufe ne na ƙara lambobin silaid a ƙarshen kowace takarda a jerin, don wanda ya ga rahoto ya san inda aka yi aiki da shi.

Ranar Alhamis, da aka zo silaid na 9, wata jami'a daga cikin baƙin ta ɗaga hannu ta ce ita 512 ta sani, me ya sa muka rubuta 556. Likita ya nuna layin da ke ƙasa, ya faɗi lambar jadawalin, ya bayyana bambancin kwana 42 da wata biyu. Ta rubuta a littafinta, aka wuce silaid na gaba. Bayan taro Hajiya ta ce in ajiye jadawalin mai layi 74 a babban fayil ɗin ofis kusa da gabatarwar, domin a watan Janairu za a ɗebi silaid goma daga cikinta a kai wani taron.